Yadda Ake Gyara Lambobin da Suka Ƙi Haɗuwa a Excel da TRIM da VALUE

Wanda ya saba sauko da bayanan ciniki daga shafin banki, ko daga na'urar POS, ko daga wata manhajar lissafi ya zuba su a Excel, zai gamu wata rana da ginshiƙi cike da kuɗi wanda ido yake ganin lambobi ne tsaf, amma da zarar an sa masa SUM sai ya ba da sifili, ko kuma ya ba da jimillar da ta gaza abin da ke rubuce a takarda. Na biyun ya fi haɗari, domin sifili kowa zai lura da shi, amma jimillar da ta ragu da dubu hamsin tana iya wucewa cikin rahoto ba tare da kowa ya ankara ba. Dalilin duka biyun ɗaya ne: Excel yana bambanta lamba da rubutu, kuma SUM idan aka ba shi jerin gurabe yana haɗa lambobi ne kawai, duk abin da ya ɗauka rubutu ne sai ya tsallake shi shiru, ba ya nuna kuskure ko kaɗan.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce wani shagon kayan masarufi ya sauko da cinikin yini ɗaya, kuma kuɗin suna ginshiƙin C, daga layi na 2 zuwa na 9. Na sa alamar zance a kewaye da waɗanda suka shigo a matsayin rubutu domin a ga inda tazara ta maƙale, amma a allon kwamfuta ba za a ga wannan alama ba.

```
C2   12500
C3   "8000"
C4   "  15000 "
C5   "22,750 "
C6   "NGN 4,300"
C7   6200
C8
C9   "1 250"
```

Littafin shagon ya nuna an yi cinikin naira 70,000. Amma =SUM(C2:C9) yana ba da 18,700, wato 12,500 da 6,200 kaɗai ya haɗa, ya bar naira 51,300 a waje.

Mataki na farko: a tabbatar da ciwon kafin a nemi magani

Abin da ido zai fara kamawa shi ne gefen da abin ya jingina. Idan ba a taɓa tsarin gurbi ba, lamba tana tsayawa a dama, rubutu kuma a hagu. Sau da yawa kuma ana ganin ɗan ƙaramin koren tabo a kusurwar hagu ta sama, wanda idan aka danna gurbin zai fito da saƙon Number Stored as Text tare da zaɓin Convert to Number. Waɗannan alamu suna taimakawa, amma ban yarda a dogara da su ba, domin mai fayil yana iya ya riga ya tura komai zuwa dama ko tsakiya, kuma koren tabon yana fitowa ne a inda Excel ya gane cewa rubutun lamba ne. Gurbi irin C6 mai haruffa a gaba ba zai sami tabon ba, alhali shi ma bai shiga lissafi ba.

Gwajin da ba ya ruɗi shi ne ƙirge iri biyu. A wani gurbi marar komai a rubuta waɗannan biyun:

```
=COUNT(C2:C9)
=COUNTA(C2:C9)
```

COUNT yana ƙirga guraben da ke ɗauke da lamba ta gaske, COUNTA kuma yana ƙirga duk gurbin da ke da wani abu a ciki. A misalinmu na farko ya ba da 2, na biyu ya ba da 7, wato gurabe biyar ne ke da matsala. A rubuta wannan 7 ɗin a ajiye, domin da shi za a auna aikin a ƙarshe. Idan ana so a san waɗanne ne, sai a sa =ISNUMBER(C2) a gefe a ja shi ƙasa; duk inda FALSE ya fito a gaban gurbin da ke da abu a ciki, rubutu ne.

Akwai abin da kusan kowa yake fara gwadawa a nan, kuma ba ya aiki: a zaɓi ginshiƙin a canza tsarinsa daga Text zuwa Number. Canza tsari yana canza yadda za a nuna abu ne, ba ya taɓa abin da aka riga aka ajiye a cikin gurbin. Jimillar za ta ci gaba da zama 18,700 sai an shiga kowane gurbi da F2 an danna Enter, kuma ko hakan ba zai warkar da C5 da C6 da C9 ba.

Mataki na biyu: ginshiƙin taimako, da fomular farko

Kada a taɓa ginshiƙin C. A bar shi yadda ya zo, domin shi ne shaida idan wani ya tambayi inda wata lamba ta fito. A buɗe sabon ginshiƙi D a gefensa, a zaɓe shi, a tabbatar tsarinsa General ne kafin a rubuta komai. Wannan ƙaramin abu yana ɓata wa mutane lokaci sosai, domin sabon ginshiƙin da aka saka yakan gaji tsarin na hagunsa, kuma idan ya gaji Text to fomular da aka rubuta za ta zauna a fili da alamar daidai a gabanta, ba za ta lissafa komai ba. Idan hakan ta faru, a mayar da tsarin General, a danna F2, sannan Enter.

A D2 a rubuta wannan, a ja shi har D9:

```
=VALUE(TRIM(C2))
```

Ana karanta fomular daga ciki zuwa waje. TRIM yana cire tazarar da ke gaban rubutu da wadda ke bayansa, idan kuma akwai tazara biyu ko fiye a tsakiyar rubutun sai ya rage su zuwa ɗaya. Abin da TRIM ya dawo da shi rubutu ne har yanzu, ko da lamba aka ba shi, saboda haka TRIM shi kaɗai ba ya sa ginshiƙi ya haɗu; wanda ya tsaya a =TRIM(C2) zai ga jimillarsa ta faɗo daga 18,700 zuwa sifili, domin lambobi biyun da suke da lafiya su ma sun koma rubutu. VALUE ne yake ɗaukar rubutun ya mayar da shi lamba, da sharaɗin rubutun yana cikin siffar da Excel zai karɓa a matsayin lamba in da hannu aka buga shi.

Sakamakon ya rabu biyu. D2, D3, D4 da D7 sun ba da 12500, 8000, 15000 da 6200, sun koma dama. D5, D6, D8 da D9 kuwa sun ba da #VALUE!, kuma SUM ɗin ginshiƙin D shi ma zai nuna #VALUE!. Wannan ci gaba ne, domin guraben da SUM yake tsallakewa a ɓoye yanzu sun fito fili ɗaya bayan ɗaya, kuma kowannensu da nasa dalilin.

A daidai nan ne ake yawan kawo IFERROR a naɗe fomular da shi, a ce duk inda kuskure ya fito a sa sifili. Allo zai yi kyau, jimilla za ta fito 41,700, kuma naira 28,300 sun sake ɓacewa, wannan karon da hannun mai gyaran. A bar kurakuran a fili har sai an san dalilin kowanne.

Mataki na uku: tazarar da TRIM ba ya gani

C5 ne ya fi ɗaure kai, domin a ido daidai yake da C4: lamba da tazara a bayanta. Waƙafin da ke cikin 22,750 ba shi ne matsalar ba, tunda a kwamfutar da aka saita ta da tsarin Ingilishi VALUE yana karɓar waƙafi a matsayin mai raba dubbai. Hanyar gano abin da ke ɓoye ita ce a ƙirga haruffan gurbin, sannan a tambayi Excel lambar harafin ƙarshe:

```
=LEN(C5)
=CODE(RIGHT(C5,1))
```

Ido yana ganin haruffa shida a 22,750 har da waƙafin, amma LEN ya ba da 7. Fomula ta biyu kuma ta ba da 160. Kowane harafi yana da lambar da kwamfuta ta san shi da ita, kuma tazarar da muke bugawa da dogon madanni lambarta 32 ce. Ita kaɗai aka yi TRIM ya cire. Mai lamba 160 wata tazara ce dabam wadda shafukan intanet suke amfani da ita don hana kalmomi biyu rabuwa a ƙarshen layi, ko don cike gurbi a cikin jadawali. Shi ya sa take yawan biyo bayanan da aka kwafo daga shafin banki ko daga saƙon imel. A fuska ba ta da bambanci da ta kullum, amma TRIM yana wuce ta kamar harafi ce, VALUE kuma ya ƙi karɓar rubutun.

Maganinta shi ne a musanya ta da tazarar kullum kafin TRIM ya iso, wanda SUBSTITUTE yake yi. Tunda an zo nan, yana da kyau a haɗa da CLEAN, wanda yake cire haruffan da ba sa bayyana masu lamba 0 zuwa 31; daga cikinsu akwai alamar sauka layi mai lamba 10 da ta Tab mai lamba 9, waɗanda tsofaffin manhajoji suke barin su a ƙarshen gurbi. Sai a sauya D2 ya zama mai tsabtacewa kawai, a ɗage VALUE zuwa gaba:

```
=TRIM(CLEAN(SUBSTITUTE(C2,CHAR(160)," ")))
```

Tsarin jerin yana da dalili. Da TRIM ne a ciki, SUBSTITUTE a waje, to tazarar da aka musanya za ta zauna a ƙarshen rubutun bayan TRIM ya riga ya gama aikinsa. Wanda yake aiki a kwamfutar Mac ya fi kyau ya rubuta UNICHAR(160) a madadin CHAR(160), domin jerin haruffan da CHAR yake bi ya danganta da irin kwamfutar, shi kuwa UNICHAR amsarsa ɗaya ce a ko'ina, kuma yana cikin Excel na Windows tun na 2013. Idan kuma an yi duk wannan amma LEN yana ci gaba da nuna harafi ɗaya fiye da abin da ido yake gani, a gwada =UNICODE(RIGHT(C5,1)), a ɗauki lambar da ya bayar a sa ta cikin UNICHAR a musanya ta kamar yadda aka yi wa 160. Idan baƙon harafin a gaba yake, LEFT ake sawa a wurin RIGHT.

Mataki na huɗu: haruffan kuɗi da tazarar tsakiya

C6 a bayyane yake: NGN ne a gaban lambar, kuma VALUE ba ya karanta haruffa irin waɗannan. C9 kuma tazara ce a tsakiyar 1 250, wadda TRIM ya bari da gangan, domin aikinsa ya bar tazara ɗaya tsakanin kalmomi. A ginshiƙin E za a cire su duka:

```
=SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(UPPER(D2),"NGN","")," ","")
```

UPPER yana nan ne saboda SUBSTITUTE yana bambanta manyan haruffa da ƙanana, saboda haka ba zai ga "ngn" ko "Ngn" ba sai an mayar da su manya. Idan fayil ɗin alamar ₦ ko harafin N kaɗai yake ɗauke da shi, shi ake sawa a wurin NGN.

Cire tazarar tsakiya yana buƙatar a duba tukuna, kuma shi ya sa ban sa shi tun a fomular farko ba. Magatakarda yakan buga kuɗi biyu a gurbi ɗaya, misali "1500 2000", idan mutum ɗaya ya biya sau biyu. Muddin tazarar tana nan, VALUE zai ba da kuskure, a gani a raba su. Idan aka share kowace tazara ba tare da dubawa ba, gurbin zai zama 15002000, wato sama da naira miliyan goma sha biyar, kuma babu wani kuskure da zai fito. Saboda haka kafin a yi wannan mataki a kan dogon jeri, a kunna Filter a kan ginshiƙin D, a tace guraben da ke ɗauke da tazara a karanta su da ido. Yawanci ba su da yawa.

Mataki na biyar: mayarwa lamba, da gurbin da babu komai

Saura C8, wanda babu komai a cikinsa amma ya ba da kuskure. Dalilin shi ne TRIM idan aka ba shi gurbi wofi yana dawo da rubutu marar harafi ko ɗaya, VALUE kuma ba zai iya mayar da wannan lamba ba. Wannan kuskure ɗaya ne muka san asalinsa, saboda haka shi kaɗai za mu yafe, ta hanyar ambatonsa ƙarara a F2:

```
=IF(E2="","",VALUE(E2))
```

A ja shi ƙasa, a gangara a tabbatar ya kai layin ƙarshe na bayanan, musamman idan jerin yana da layukan wofi a tsakiya. Yanzu F5 ya ba da 22750, F6 ya ba da 4300, F9 ya ba da 1250, F8 ya zauna fari. =COUNT(F2:F9) ya ba da 7, daidai da abin da COUNTA ya ƙirga a farko, kuma =SUM(F2:F9) ya ba da 70,000, daidai da littafin shago. Dole a yi gwajin nan biyu tare, domin ƙirgen yana nuna cewa babu layin da aka bari a baya, jimillar kuma tana nuna cewa babu lambar da ta canza a hanya.

Ana iya haɗa ginshiƙan uku su zama fomula ɗaya mai tsawo, kuma masu gwaninta suna yin haka. Ni dai na fi son a bar su uku a lokacin gyara, domin idan layi na 640 ya ba da kuskure, kallo ɗaya a D da E zai nuna inda abin ya tsaya.

Inda VALUE yake ba da amsa amma ba daidai ba

Kuskuren da ya fito a allo mai sauƙi ne. Wanda ya fi wuya shi ne inda VALUE ya karɓi rubutun ya fahimce shi ta wata hanya, kuma hakan yana faruwa ne saboda yana bin saitin yankin da aka yi wa kwamfutar. A tsarin Ingilishi da ake amfani da shi a Nijeriya, waƙafi yana raba dubbai, ɗigo kuma yana raba naira da kwabo. A tsarin Faransanci da ya fi yawa a ofisoshin Nijar, waƙafi ne yake yin aikin ɗigon, tazara kuma take raba dubbai. Idan ɗan kasuwa a Kano ya aika wannan fayil ga abokin hulɗarsa a Maraɗi, rubutun "22,750" zai zama 22,75 a can, wato ashirin da biyu da ɗigo saba'in da biyar, ba tare da wani gargaɗi ba. Ga irin wannan akwai NUMBERVALUE, shi ma tun Excel na 2013, wanda ake gaya masa da baki wace alama ce ta kwabo wace ce ta dubbai:

```
=IF(E2="","",NUMBERVALUE(E2,".",","))
```

Idan fayil ɗin daga ɓangaren Faransanci ya taso, sai a juya alamomin biyu. Wanda Excel ɗinsa na Faransanci ne zai tarar sunayen ma sun canza: TRIM shi ne SUPPRESPACE, VALUE shi ne CNUM, SUBSTITUTE shi ne SUBSTITUE, CHAR shi ne CAR, kuma ana raba sassan fomula da alamar ; a maimakon waƙafi.

Haka nan VALUE yana karanta kwanan wata da lokaci da kaso. Rubutu irin "3-4" zai iya komawa kwanan wata, ya fito a matsayin lamba mai sama da dubu arba'in, "5%" kuma ya zama 0.05. Kuɗin da aka sa a baka biyu, kamar (1,500), yana fitowa -1500, wanda shi ne nufin masu lissafi. Amma wanda alamar ragewa ta zo a bayansa, kamar 1500-, yana ba da kuskure sai an ɗauko alamar an dawo da ita gaba. Bayan gyara, a sa MAX da MIN a kan ginshiƙin F a ga ko mafi girma da mafi ƙanƙanta sun yi kama da cinikin shagon.

Akwai kuma ginshiƙan da bai kamata VALUE ya kusance su ba, ko da koren tabo ya cika su. Lambar waya da ta fara da 080 ko 070 za ta rasa sifilinta na gaba ta koma guda goma. Lambar asusun banki mai guda goma da ta fara da sifili ita ma haka, kuma kuɗin da aka tura da ita ba zai isa inda aka nufa ba. Excel kuma ba ya riƙe lamba fiye da guda goma sha biyar, saboda haka lambar kati mai guda goma sha shida za ta koma da sifili a ƙarshenta. Abin da ba za a taɓa haɗawa ko ragewa ba suna ne, ko da da lambobi aka rubuta shi. Irin wannan TRIM da SUBSTITUTE kaɗai ake yi masa a bar shi rubutu.

Mataki na ƙarshe: a daskarar da sakamakon

Ginshiƙin F fomula ce da ke jingine da E, E da D, D da C. Idan aka share ɗaya daga cikinsu yanzu, F zai cika da #REF!. A zaɓi F2 zuwa F9, a danna Ctrl+C, a danna dama a kan G2 wanda tsarinsa General ne, a zaɓi Paste Special sannan Values. Abin da ya sauka a G lambobi ne zalla, sai a ba su tsarin Number mai waƙafi, a share abin da ke cikin D da E da F, a bar C a gefe ko a ɓoye shi.

Abu ɗaya ya rage game da G8. A ido fari ne, amma rubutun nan marar harafi ya biyo shi, saboda haka SUM zai tsallake shi lafiya, amma fomula irin =G7+G8 za ta ba da #VALUE!, kuma COUNTA zai ƙirga 8 maimakon 7. A kunna Filter a kan G, a zaɓi (Blanks) kaɗai, a zaɓi guraben da suka bayyana a danna Delete, sannan a cire tacewar a sake duba cewa COUNT da COUNTA duka sun ba da 7 kuma jimillar tana nan a 70,000.